Manyan ma'aikatana biyu suna yarfa juna a gaban kowa, ta ina zan fara?

Tambaya: Wata takwas ke nan da aka ba ni shugabancin sashenmu, mu goma sha ɗaya ne. Mutum biyu a cikinmu sun girme ni, sun kuma riga ni fara aiki a wurin, kuma ba na iya tafiyar da sashen ba tare da ko ɗayansu ba. Duk taron mako sai sun yarfa juna: wannan ya kawo shawara, wancan ya yi dariya ko ya tono masa kuskuren bara. Sauran ma'aikata sun daina magana. Na taɓa cewa a gaban kowa mu riƙa girmama juna, aka yi mako biyu lafiya, aka koma gidan jiya. In haɗa su in yi musu sulhu ne, ko in kai maganar sama?

Amsa: Malama, kada ki haɗa su tukuna, kuma kada ki kai ƙara sama tukuna. Kowanne yana da lokacinsa, amma wanda duk kika fara da shi yanzu zai lalace a hannunki, ki rasa abin da za ki koma gare shi daga baya.

Jan kunnen da kika yi wa kowa da kowa bai kama ba saboda kowannensu ya ɗauka da ɗan'uwansa kike. Shi a zuciyarsa kare kansa kawai yake yi. Waɗanda maganar ta shiga jikinsu su ne mutum takwas ɗin da ba su yi komai ba, kuma abin da suka fahimta shi ne kin ga matsalar amma ba ki da ƙarfin kiran sunanta. Zaman sulhu na gaggawa shi ma haka yake ƙarewa. Na sha halartar irinsa. Manya biyu sun san yadda ake zama a gaban shugaba: su ce ai ba komai, rashin fahimta ne, su gaisa, su fita. Ko kuma su mai da ofishinki kotu, kowa ya zo da tarin hujjojinsa na shekaru, ke kuma ki zama alƙaliya a shari'ar da ba ki san farkonta ba.

Abin da za ki fara yi ba ya buƙatar ki yi wa kowa magana. A taro biyu ko uku masu zuwa, ki ajiye takarda a gefe, duk lokacin da ɗayansu ya soki ɗayan ki rubuta abu uku: kalmomin da ya faɗa kamar yadda ya faɗe su, batun da ake kai a ajanda a lokacin, da abin da ya biyo baya a ɗakin. Kada ki rubuta "ya yi masa rashin kunya". Ki rubuta "ya katse shi tun bai gama jimla ta biyu ba, ya ce ai mun ga irin alƙaluman nan naka bara, daga nan ba wanda ya sake yin tambaya". Har tsaki, da taɓe baki, da ɗaukar waya daidai lokacin da ɗayan ya fara magana, duk ki rubuta. Wannan ba yana nufin ki zuba ido ana cin mutunci ba. Idan abin ya yi zafi ki tsayar da shi, ki wuce batu na gaba. Amma takardar nan ita ce jarinki a duk abin da zai biyo baya.

Dalilin da ya sa na nace a kan batun ajanda shi ne, ruwa ba ya tsami banza. A 1995 wata mai bincike, Karen Jehn, ta bambanta saɓani iri biyu a cikin rukunin ma'aikata: saɓani a kan aikin kansa, da saɓani na tsakanin mutum da mutum. Abin da ake gani a ɗakin taro kullum yana kama da na biyun, domin da habaici da dariya yake zuwa. A abin da na gani cikin shekarun da na yi ina shiga tsakanin ma'aikata, mafi yawan lokuta akwai na farkon a kwance a ƙarƙashinsa: wata shawara guda da kowannensu yake ganin shi ke da hurumin yanke ta, kuma ba wanda ya taɓa rubuta ko ta wane ce. Tun da ba a ba kowa ba, sai su riƙa yin kokawa a kanta duk mako, a wurin da akwai 'yan kallo.

Bari in ba ki wani misali da na yi aiki a kansa. Wani kamfani ne mai buga kwalaye, sabon manaja ya gayyace ni saboda shugaban sashen sayarwa da shugabar sashen samar da kaya sun mai da taron Litinin filin daga. Kowa a wurin ya gaya mini jininsu ne bai haɗu ba. Na zauna a taro uku ina rubutu, na ƙirga suka goma sha ɗaya. Tara daga ciki sun faɗo ne a kan abu ɗaya, wato ranar da za a miƙa wa kwastoma kayansa. Shi mai sayarwa yana yi wa kwastoma alkawarin kwana goma don kada ciniki ya kuɓuce masa. Ita kuma ta san injinanta, ta san oda irin wannan kwana goma sha biyar na aiki take ci. Idan aka makara, shi kwastoma yake kira ya zazzaga wa faɗa. Idan aka yi gaggawa, ma'aikatanta ne suke kwana a bakin inji, kuma ita ake tambaya dalilin da ya sa kuɗin aikin ƙarin lokaci ya haura. Da na bi diddigi, sai na gano tsohon manajan ne yake raba gardamar da baki, oda bayan oda, a ofishinsa. Da ya tafi ya tafi da wannan aikin, ba wanda ya lura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sauran suka biyun ba su da alaƙa da ranar miƙa kaya. Tsohon miki ne: ita ta nemi wani matsayi shekarun baya, tana ganin shi ya yi mata zagon ƙasa. Wannan ba mu warware shi ba, kuma ban yi ƙoƙarin warware shi ba. Ina so ki riƙe wannan, domin shugabanni masu kirki sukan wahalar da kansu a nan. Ba a ɗora miki nauyin sa su so juna ba. Abin da ke wuyanki shi ne aiki ya tafi, kuma taronki ya zama wurin da ƙaramin ma'aikaci zai iya buɗe baki.

Da takardarki a hannu, sai ki gana da kowannensu shi kaɗai. Ki yi ganawar biyu a rana ɗaya, ɗaya na bin ɗaya, tsawonsu ɗaya, kamar minti talatin-talatin. Idan kika ga ɗaya ranar Talata, ɗayan sai Alhamis, cikin kwana biyun nan labari ya riga ya zaga cewa wane aka kira, wane aka ƙyale. Ki fara da gaya wa kowanne cewa yau ɗin nan za ki yi irin wannan maganar da ɗan'uwansa.

Akwai tsari mai sauƙi na faɗa wa mutum abin da ya yi, wanda cibiyar horar da shugabanni ta Center for Creative Leadership ta yaɗa: ki ambaci inda abin ya faru, ki faɗi abin da ya yi wanda ido ya gani ko kunne ya ji, sannan ki faɗi abin da hakan ya jawo. Misali: "Malam, a taron Litinin, lokacin da ake duba kasafin wata uku, ka katse shi sau biyu, ka ce lissafinsa na 'yan koyo ne. Daga nan ba wanda ya ƙara cewa uffan, muka tashi ba mu yanke komai ba, kuma har yau kasafin yana kan teburina." Ki tsaya nan. Ki tambaye shi abin da yake ƙoƙarin cim ma a lokacin, ki yi shiru ki saurara, ko da shirun ya yi miki tsawo.

Amfanin wannan tsarin shi ne ba ya barin ƙofar musu. Idan kika ce masa yana da girman kai, zai ba ki misali goma na tawali'unsa. Kalmomin da ya furta a gaban mutum goma kuwa ba zai ce bai furta ba. Kuma kada ki fake da "mutane suna cewa" ko "an kawo mini ƙorafi". Nan take zai bar maganar ya shiga neman wanda ya kai gulmarsa, ki jefa ƙananan ma'aikatanki cikin matsala. Ke kika gani, ke kika ji, da bakinki za ki faɗa.

Batun cewa sun girme ki kuwa, ki ba su girmansu cikakke a yadda kike kiran su, da muryarki, da kasancewar kin yi maganar a keɓe. Abin da ba za ki rage ba shi ne saƙon. Na ga shugabanni da yawa sun lulluɓe gyara da yabo har mutumin ya fita daga ofis yana ganin an kira shi ne a gode masa. Kafin ya tashi ki tabbata ya ji jimla guda a sarari: wannan ya tsaya daga yau. Kina iya haɗa ta da gaskiyar da ta dace da matsayinsa, cewa ƙananan suna kallonsa, yadda ya yi wa tsaransa haka su ma za su ɗauka ana yi.

Zai juya maganar zuwa kan ɗayan, wannan ba makawa. Ki bar shi ya fitar da abin da ke cikinsa na ɗan lokaci, domin a cikin ƙorafin ne za ki ji ainihin abin da ake jayayya a kai. Amma ki tace. Idan ya ce wancan yana yi wa kwastoma alkawarin abin da ba zai yiwu ba, wannan maganar aiki ce, ki rubuta, ki ce za a duba ta tare da shi wancan ɗin a zaune. Idan ya ce wancan mutumin banza ne tun asali, ki ce ba halinsa muka zo tattaunawa ba, ki dawo da shi kan abin da shi ya yi ranar Litinin. Ki kiyayi kaɗa kai irin na tausayawa a nan. Ko "haka ne kam" kika ce don ki lallashe shi, gobe zai gaya wa wani cewa shugaba ma ta yarda. Kuma kada ki yarda ki zama 'yar aike, wannan ya ba ki saƙo ki kai wa wancan. Da zarar sun ga ta hanyarki ake jifa, ba za su ƙara yi wa juna magana kai tsaye ba.

Abu na ƙarshe a ganawar, ki gaya wa kowanne abin da za ki yi idan abin ya sake faruwa a taro: za ki tsayar da shi a take, a gaban kowa, cikin ladabi. Wannan sanarwar ita ce take sa tsayarwar ta zama adalci idan ranar ta zo, domin ba wanda zai ce an yi masa ba-zata.

Yanzu ne lokacin haɗa su ya yi, cikin mako guda da ganawar farko, kuma ba da sunan sulhu ba. Zama ne na aiki mai ajanda ɗaya: wa ke yanke wace shawara. A kamfanin kwalayen nan mun fito da takarda mai shafi ɗaya cikin kimanin awa ɗaya. Duk odar da za a miƙa cikin kwana goma sha biyar ko fiye, mai sayarwa yana da ikon yin alkawari ba tare da ya tambayi kowa ba. Ƙasa da haka sai ya nemi amincewar shugabar samar da kaya a rubuce, ita kuma dole ta ba shi amsa cikin awa ashirin da huɗu, idan ta yi shiru an ɗauka ta amince. An ware masa oda biyu na gaggawa a kowane wata waɗanda ba za ta hana ba. Abin da suka kasa daidaitawa a kansa kuwa, su zo wurin manaja tare, kafin taron Litinin, kuma manajan ba zai saurari ɗaya shi kaɗai ba.

Ki lura kowa ya rasa wani abu a wannan takardar, kowa kuma ya samu. Ki lura kuma ba su ne suka yanke iyakar ba. Sun ba da shawara, manajan ya yanke. Idan kika ce musu ku je ku daidaita tsakaninku, kin mai da su inda suka fito, domin rashin mai yankewa ne ya haifi rigimar tun farko.

Sannan sai taron kansa. Za su gwada ki, yawanci a mako na biyu ko na uku, kuma ba lallai da gangan ba, sabo ne. Ki tsayar da abin cikin daƙiƙu kaɗan, kafin ɗayan ya rama, domin idan ya rama kin sami masu laifi biyu da gardamar wa ya fara. Muryarki ta zauna yadda take. Idan katsewa ce: "Malam, bari ya ƙarasa, kai ne na gaba." Kuma ki cika, ki ba shi dama da zarar wancan ya gama. Idan tono tsohon kuskure ne: "Na bara ya wuce. A wannan shirin da ke gabanmu, wane ɓangare kake ganin ba zai yi aiki ba?" Wannan tambayar tana da amfani biyu. Idan yana da hujja ta gaskiya, za ta fito, sashen ya amfana, domin sau da yawa mai habaicin yana da gaskiya a cikin abin da yake suka. Idan ba shi da ita, kowa zai gani ba tare da kin ce komai ba. Dariya da tsaki su ma haka: "Na ga kamar ba ka gamsu ba, gaya mana dalili." Abin da ba za ki yi ba shi ne wa'azi a gaban ƙananansu. Jimla ɗaya, a koma aiki, sauran maganar a ofis bayan an tashi, a ranar.

Ƙaramin gyara a tsarin taron yana taimakawa. A batun da kika san yana da zafi, ki fara jin ra'ayin ƙananan ma'aikata kafin manyan biyu su yi magana. Idan manyan suka riga su, duk wanda ya buɗe baki bayan haka ya san za a lissafa shi a ɓangaren ɗaya, shi ya sa suke zaɓar shiru.

Yadda za ki gane ko gyaran ya kama: kada ki auna da shirun manyan biyu. Ki auna da ko mutum takwas ɗin nan sun dawo suna tambaya, suna kawo matsala tun tana ƙarama. Akwai zaman lafiya na ƙarya da na sha gani, inda taro ya zama tsit, kowa yana murmushi, amma faɗan ya koma imel, ana saka shugabanki a kwafi, ko ɗaya ya fara jinkirta ba ɗayan bayanan da yake buƙata, ko ma'aikatan wannan su daina zama da na wancan. Friedrich Glasl, masanin rikici ɗan ƙasar Ostiriya, ya tsara yadda rikici ke ta'azzara a matakai tara. Mataki na huɗu shi ne inda kowa ke tara magoya baya, na biyar kuma inda ake neman zubar da mutuncin abokin hamayya a bainar jama'a. Idan kin ga sashenki ya rabu gida biyu, kuma burin kowanne ya tashi daga cin gardama ya koma ganin an kunyata ɗayan, takardar raba hurumi kaɗai ba za ta isa ba. A nan ki nemi mai shiga tsakani wanda ba ya cikin sashen, ta hannun sashen kula da ma'aikata.

Takardarki kuma tana iya nuna miki abin da ba ki zata ba: cewa ba faɗan mutum biyu ba ne. Idan cikin suka goma, takwas daga mutum ɗaya suka fara, ɗayan ramawa kawai yake yi, to raba laifin daidai-wa-daida zalunci ne, kuma wanda ake cuta zai gane. Ki yi wa kowa magana gwargwadon abin da ya yi. Idan kuma sukar ta taɓa jinsin mutum, ko addininsa, ko ƙabilarsa, ko wata nakasa, ko ta kai ga barazana, ki ajiye duk abin da na faɗa a sama. Wannan ya wuce saɓanin abokan aiki, ki kai shi sashen kula da ma'aikata a ranar, a rubuce.

Game da kai magana sama, akwai bambanci tsakanin kai ƙara da sanarwa. Mutanen da suka daɗe a wuri suna da hanyar shiga ofishin shugabanki, wataƙila fiye da ke. Don haka kafin ganawar farko ki sanar da shi a taƙaice: ga abin da na lura da shi, ga abin da zan yi, ba na neman ka sa baki, abin da nake roƙo shi ne idan ɗayansu ya zo wurinka ka dawo da shi wurina. Idan shugabanki ya saurari ɗaya a bayan idonki ya sauya abin da kika yanke, duk aikin ya rushe, kuma ɗayan zai koyi bin hanyar shi ma.

Ki sa wa abin wa'adi, ki faɗa musu: mako shida, sannan ku sake zama ku uku ku duba. Bayan kowace ganawa ki aika wa mutumin gajeren imel na abin da kuka tattauna da abin da aka amince, da kwanan wata. Idan wa'adin ya cika ɗaya bai sauya ba, sai ki bi matakan ladabtarwa da ke cikin dokokin wurin aikinku, daga gargaɗi a rubuce, kuma abin ya fito a rahoton auna aikinsa na shekara. Nan ne maganarki ta cewa ba ki iya aiki ba tare da su ba za ta zo ta tsaya miki a gaba, su ma sun san haka, shi ya sa jan kunnen farko bai dame su ba. Saboda haka tun daga wannan makon ki ɗauki mutum ɗaya a ƙarƙashin kowannensu ya fara koyon manyan ayyukan da ke hannunsa, a kuma rubuta yadda ake yin su. A kamfanin kwalayen ba a kai ga gargaɗi ba. Manajan ya tsayar da mai sayarwa sau biyu a wata na farko, ya tsayar da shugabar samar da kaya sau ɗaya, kuma a wata na uku aka mai da odar gaggawa uku maimakon biyu, bayan su biyun sun shigo ofishinsa tare sun nemi hakan.